Yadda ake neman farashin inshorar amanar ma'aikata ga kamfanin da ake riƙe tsabar kuɗi

Inshorar amanar ma'aikata, wadda a takardun kamfanonin inshora ake kira fidaliti garanti, abu ɗaya take biya: kuɗi ko kayan kamfani da ma'aikacinsa ya ci ta hanyar sata, zamba, ko jabun takarda. Idan 'yan fashi suka tare kashiya a hanyar banki, wannan aikin inshorar kuɗi ce, wata yarjejeniya daban. Idan kashiyan ne ya tafi da kuɗin ya kashe waya, to nan ne wannan take shigowa. Kamfanin da ke riƙe tsabar kuɗi yakan buƙaci duka biyun, kuma gara a nemi farashinsu tare a wuri guda, don kada ranar asara kowanne ya ce ba nasa ba ne.

Kafin ka ɗauki biro, ka san cewa abin da ka rubuta a fom ɗin neman farashi ba ya tsayawa a matsayin bayani kawai. Idan aka ƙulla yarjejeniya, shi ne ginshiƙinta. Ranar da asara ta faru, mai tantance asara da kamfanin inshora zai turo yakan zo da wannan fom a hannu, ya bi shi layi-layi yana tambaya ko haka ake yi. Shi ya sa duk matakan da ke ƙasa suna komawa ga abu guda: ka rubuta abin da ake yi a zahiri, wanda za ka iya nuna takardarsa, ko da bai kai wanda kake fata ba.

Don a ga abin a aikace, mu ɗauki misalin wani kamfanin rarraba kayan masarufi, irin su taliya, sukari, sabulu da man girki. Babban sitonsa yana Kano, yana da ƙaramin depo a Dutse. Motocin talla 12 ne ke fita kullum, 9 daga Kano, 3 daga Dutse. Alƙaluman misali ne, kai ka sa naka.

Mataki na farko: ƙirga mutane bisa abin da hannunsu ke taɓawa

Kamfanin inshora bai damu da cewa kana da ma'aikata 52 ba sai ka gaya masa su wane ne. Ka ɗauko takardar albashin watan da ya wuce, ka raba sunayen gida-gida bisa abin da kowa zai iya kaiwa gare shi. A misalinmu akwai masu talla a mota 12, direbobi 12, kashiya 3, masu kula da sito 4, akanta da mataimakinsa, sai manajan depo da manajan ciniki. Mutum 35 ke nan. Sauran 17 masu gadi ne, masu shara, da ma'aikatan ofis da ba su riƙe kuɗi ko kaya.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne direbobi. Mai kamfani yakan ce direba tuƙi kawai yake yi, ya cire shi don farashi ya sauka. Amma direban motar talla yana wuni da kayan naira miliyan ɗaya da rabi a bayansa, kuma ranar da mai talla ya shiga masallaci ko ya tsaya cin abinci, shi ke karɓar kuɗin mai shago. Haka mataimakin akanta da bai taɓa riƙe ko naira ba amma yana da lambar shiga asusun banki ta kwamfuta. Wannan ya fi kashiya haɗari, domin abin da zai iya motsawa a minti biyar ya fi abin da ke cikin sef.

Sai ka duba wa yarjejeniyar ke kira ma'aikaci. Yawanci tana nufin wanda ke ƙarƙashin kwantiragin aiki da kai, kana biyansa albashi, kana ba shi umarni. 'Yan dako da ake biya kullum, 'yan kamasho masu kai kaya kasuwannin ƙauye, da ma'aikatan da wani kamfani ya turo maka, galibi ba su shiga sai an ambace su a rubuce. Idan kana da irinsu kuma suna karɓar kuɗi, ka rubuta yawansu da yadda ake biyansu, ka nemi a faɗaɗa kariyar ta haɗa da su. Masu hannun jari da abokan tarayya a kasuwancin kuwa, a mafi yawan yarjejeniyoyi ba su ciki. Idan ƙanin mai kamfani ne manajan depo, ka faɗi dangantakar tun yanzu, ka faɗi ko albashi yake karɓa ko kaso.

Daga nan ka zaɓi yadda za a rufe mutanen. Akwai rufewa da suna, inda ake jera kowa da adadin kuɗin da aka tsaya masa. Akwai rufewa da muƙami, inda za a ce kashiyan Dutse, ko wane ne ke kan kujerar. Akwai kuma ta bai-ɗaya, wadda ta haɗe duk ma'aikata ƙarƙashin adadi guda. Ta suna takan fi araha, amma tana da tarko: duk sabon ɗauka da ba a aika sunansa ba, ba ya ciki. Kamfanin da masu tallansa ke sauyawa sau uku ko huɗu a shekara, wata rana sai an manta, kuma sau da yawa sabon da aka manta ɗin ne ke yin ɓarnar. Ga kamfani irin na misalinmu, ta muƙami ko ta bai-ɗaya ta fi dacewa. Wata fa'idar ta bai-ɗaya ita ce wasu yarjejeniyoyin suna biya ko da ba a iya nuna mutum ɗaya da yatsa ba, muddin an tabbatar cewa daga cikin ma'aikata ne. Ka tambaya ko taka haka take, kada ka ɗauka.

Mataki na biyu: fitar da adadin kariya

Nan ya kamata a zauna sosai, domin yawancin kamfanoni suna ɗaukar cinikin rana ɗaya su ce shi ne iyakar abin da za a iya sacewa. Ma'aikacin da ya ci amana ba kasafai yake ɗauka sau ɗaya ya gudu ba. Yana gutsura ne kaɗan-kaɗan har ranar da aka gano. Don haka tambayar da za ka amsa wa kowane muƙami ita ce: nawa zai iya ɗauka, kuma kwana nawa za a yi kafin wani ya lura?

Ɗauki mai talla. Yana fita da kayan naira miliyan 1.5, rabin cinikinsa tsaba ne, wato kusan 750,000, saura tiransifa da POS. Da yamma yana miƙa wa kashiya. Idan aka tsaya nan, sai a ce kariyar miliyan ɗaya ta ishe shi. Amma yana kuma ba da kaya bashi ga manyan masu shago a layinsa, kuma shi ke karɓo biyan. Bashin da ke kan layinsa a kowane lokaci ya kai miliyan 6. Ga yadda ɓarnar ke tafiya: mai shago na farko ya biya 400,000, mai talla ya sa a aljihu bai rubuta ba. Bayan mako, na biyu ya biya 500,000, sai ya rubuta 400,000 a sunan na farko, ya riƙe saura. Na uku ya rufe na biyu, haka nan. A littafin ofis babu wanda bashinsa ya tsufa sosai, kowa dai yana ɗan jinkiri. Ramin yana girma a ƙasa har sai ranar da mai tallan ya kwanta rashin lafiya wani ya bi layinsa, masu shago suka ce ai mun biya tuni, ga ma takardar da ya rubuta mana. Saboda haka adadin da ya dace da shi shi ne kayan cikin mota da bashin layi, miliyan 7.5.

Kashiyan Kano kuwa, motoci 9 suna kawo masa kusan miliyan 6.75 a rana. Motocin suna dawowa bayan an rufe banki, don haka kuɗin yau gobe ake kaiwa. Na Juma'a da na Asabar duka suna kwana a sef har Litinin, miliyan 13.5 ke nan. Wannan shi ne adadin da za ka rubuta a matsayin mafi yawan abin da ke hannunsa, kuma ka ƙara idan gabanin azumi da sallah ciniki na ninkawa. Ban da ɗauka gaba ɗaya, akwai gutsura: idan yana rage 200,000 daga abin da ake kaiwa banki kullum, kuma sai ƙarshen wata ake gwada littafi da bayanan banki, a kwanakin aiki 26 ya tara miliyan 5.2. Idan duk mako ake gwadawa, abin ya tsaya a miliyan 1.2. Wannan lissafin ne mai sa farashi a kamfanin inshora yake yi a ransa lokacin da yake tambayarka sau nawa ake daidaita lissafi.

Da irin wannan tunani, kamfanin misalinmu zai nemi miliyan 7.5 ga kowane mai talla da direba, miliyan 15 ga kashiya, miliyan 10 ga masu sito, miliyan 20 ga ofishin akanta da manajoji. Sai kuma jimillar shekara, wato iyakar abin da za a biya a duk asarorin shekarar a haɗe, a ce miliyan 40. Ka lura da batun haɗin baki. Mai sito, direba da mai talla suna iya haɗa kai su fitar da kaya ba takarda. Yarjejeniyoyi da dama suna ɗaukar wannan a matsayin asara guda da iyaka guda, ba a tara iyakar mutum uku. Ka nemi a rubuta maka iyakar asara guda a fili.

Mataki na uku: bayyana matakan tsaro

Wannan sashe ne ke yanke farashi, kuma shi ne ke kashe diyya idan aka yi masa kwalliya. Kada ka ba sakatare ya cike shi daga littafin dokokin kamfani. Ka bi kuɗin da ƙafarka na rana ɗaya, daga lodin safe zuwa takardar shaidar ajiya ta banki, ka rubuta abin da ka gani. Kowane mataki ya amsa abu huɗu: wa ke yi, sau nawa, wa ke duba shi, kuma wace takarda ce ta rage a matsayin shaida.

Amsa irin "ana duba kuɗi a kai a kai" ba ta da amfani ga kowa. Ga yadda ya kamata ta fito: "Kowane mai talla yana miƙa kuɗi ga kashiya a ranar, tare da takardar lodi da takardar kayan da suka dawo. Kashiya yana ba shi rasit mai lamba a jere. Littattafan rasit suna hannun akanta, ana ba da sabo bayan an dawo da tsoho. Ana kai kuɗi banki a ranar aiki ta gaba kafin ƙarfe 11. Mataimakin akanta, wanda ba ya taɓa tsabar kuɗi, yana gwada rasit da bayanan banki duk Litinin, akanta ya sa hannu."

Abin da mai sa farashi ya fi nema a cikin wannan bayani shi ne rabon aiki. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke rubuta littafin bashi, kuma kada ya zama shi ke gwada lissafin banki. Wanda ke shigar da biyan kuɗi a kwamfuta kada ya zama shi ke amincewa da fitarsu. A Kano wannan mai yiwuwa ne, domin akwai mutane. A Dutse kashiya ɗaya ce, ita ke karɓa, ita ke kaiwa banki, ita ke turo rahoto. Kada ka ɓoye wannan. Ka rubuta shi yadda yake, ka ƙara da abin da ke rage haɗarin: alat ɗin asusun depo yana shiga wayar akanta a Kano, ana gwada shi da rahoton kashiya kullum, kuma wani daga Kano yana zuwa ƙirga sef ba sanarwa sau ɗaya a wata. Mai sa farashi ya saba ganin ƙananan rassa. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce masa akwai mutum biyu, ranar asara a tarar ɗaya ce.

Ka taɓo tiransifa da POS da kyau, domin yanzu ɓarna ta fi bi ta nan. Mai shago ya ce zai tura, mai talla ya karanto masa lambar asusun kansa yana cewa na kamfani na da matsalar sabis. Ka faɗi ko an buga lambar asusun kamfani a kan kowace takardar ciniki, ko an sanar da masu shago a rubuce cewa biya a wani asusu ba biya ba ne, da kuma wa ke da rajistar na'urorin POS da lambobinsu. Haka kuma ka faɗi ko wani daga ofis, ba mai tallan ba, yana kiran masu bashi ko kai musu takardar lissafi su tabbatar da abin da ake binsu. Wannan kira shi ne kaɗai maganin dabarar rufe bashi da bashi da aka bayyana a sama. Idan duk wata ake yi, ka ce duk wata. Idan sau biyu a shekara ne, ka ce haka, ka shirya jin farashi ya ɗan hau.

A gefen sito, ka faɗi sau nawa ake ƙirga kaya gaba ɗaya, da wa ke ƙirgawa. Ƙirgar da mai sito ya yi wa kansa ba a lissafa ta. Game da sef, wa ke riƙe makulli, kuma ko mutum ɗaya zai iya buɗewa shi kaɗai. Sai hutun shekara: ko ana tilasta wa masu riƙe kuɗi su tafi hutu na akalla mako biyu a jere, wani ya zauna a kujerarsu. Mai kamfani yakan yaba wa kashiyan da shekara uku bai taɓa neman hutu ba. Mai inshora kuwa idan ya ji haka sai ya ɗaga gira, domin yawancin irin wannan zamba tana buƙatar mai ita ya kasance a wurin kullum yana toshe ɓaraka.

Akwai kuma tambayoyin ɗaukar aiki. Yarjejeniyoyi da yawa suna da sharaɗin cewa an karɓi shaidar hali a rubuce daga wuraren da mutum ya yi aiki a shekarun baya, sau da yawa shekara biyu ko uku, kafin a ba shi riƙon kuɗi. A kasuwancinmu ana ɗaukar mutum ne saboda wani dattijo ya kawo shi ya ce yarona ne. Wannan yana da ƙima a tsakaninmu, amma ba ya shiga fayil. Ka buɗe fayil ɗin kowane ɗaya daga cikin mutum 35 ɗin nan, ka duba ko akwai takardar ɗaukar aiki, lambar NIN, adireshin da wani ya je ya gani da idonsa, da fom ɗin masu tsaya masa da sa hannunsu da hotonsu. Inda babu, ka cike kafin ka aika fom. Tsofaffin ma'aikata da suka shekara goma ba tare da irin wannan takarda ba, ka nemi a rubuta cewa an ɗauke musu sharaɗin saboda daɗewarsu. Ana yarda da hakan sau da yawa idan aka nema tun farko.

A ƙarshen sashen ka ambaci odita na waje, yaushe ya yi binciken ƙarshe, da ko ya nuna wani rauni. Idan ya nuna, ka faɗi abin da aka gyara.

Mataki na huɗu: faɗin asarorin baya

Fom yakan tambayi shekara uku zuwa biyar da suka wuce. Tambayar ta shafi duk asarar da cin amana ya jawo, ko akwai inshora a lokacin ko babu, ko an kai ƙara ko an sasanta a gida. Wannan na ƙarshen ne ake yawan tsallakewa. Yaro ya ci kuɗi, iyayensa suka zo da malamin unguwa, aka ba da haƙuri, aka biya wani abu, aka rufa asiri. A wajen mai kamfani magana ta mutu. A wajen inshora asara ce da ta faru, kuma ɓoye ta na iya ba su damar soke yarjejeniyar gaba ɗaya, domin wannan ciniki an gina shi ne a kan kowane ɓangare ya bayyana duk abin da zai iya sauya shawarar ɗayan. Kuma tana fitowa, domin mai tantance asara yana hira da ma'aikata, su kuwa ba su manta ba.

Ba a buƙatar sunan mutum a wannan mataki, muƙami ya isa. A misalinmu za a rubuta kamar haka: "A 2023 wani mai talla a depon Dutse ya karkatar da biyan bashin masu shago na tsawon wata huɗu, jimilla naira miliyan 3.2. An gano lokacin da aka sauya masa layi. An karɓo miliyan 1.1 daga mai tsaya masa da haƙƙoƙinsa na aiki, asarar da ta rage miliyan 2.1. An sallame shi, ba a kai wa 'yan sanda ba. Tun daga nan ofis ke kiran masu bashi duk wata, kuma ana sauya wa masu talla layi duk wata shida." Wannan jimla ta ƙarshe ita ke rage zafin asarar a idon mai sa farashi. Asarar da aka toshe hanyarta ba ta tayar masa da hankali kamar wadda aka ce ta faru kawai aka yi shiru.

Idan akwai wanda aka taɓa kamawa da ƙaramin abu aka yafe masa kuma har yanzu yana aiki, dole a faɗa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kariya tana yankewa a kan ma'aikaci daga ranar da kamfani ya san ya taɓa cin amana, sai in an sanar da mai inshora ya amince a rubuce. Ka kuma faɗi idan wani kamfanin inshora ya taɓa ƙin karɓarka, ko ya soke, ko ya sa maka sharaɗi na musamman.

Mataki na biyar: aikawa da gwada amsoshi

Ka haɗa fom ɗin da jadawalin ma'aikata, bayanin matakan tsaro, tarihin asara, takardar rajistar CAC, da lissafin shekarar da odita ya sa wa hannu. Darakta ko mai kamfani ne ya kamata ya sa hannu bayan ya karanta, domin akanta yana cikin waɗanda ake neman kariya daga gare su. Ka aika takardu iri ɗaya ga kamfanoni biyu ko uku masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, kai tsaye ko ta hannun dillalin inshora mai rajista. Wanda ke son tsarin da ya dace da shari'ar Musulunci zai iya tambayar kamfanonin takaful, bayanan da za su nema ɗaya ne.

Idan amsoshi suka zo, kuɗin shekara shi ne abu na ƙarshe da za ka kalla. Fara da wa'adin ganowa. Yarjejeniya tana biyan satar da aka yi a lokacin da take aiki, kuma aka gano cikin wani wa'adi bayan ƙarewarta ko bayan ma'aikacin ya bar aiki, duk wanda ya riga. Wani zai ba ka wata 12, wani wata 6. Idan oditanka sau ɗaya yake zuwa a shekara, wata 6 bai ishe ka ba, domin mutum zai iya ajiye aiki a Fabrairu a gano ramin a Disamba. Satar da ta fara kafin ranar da kariya ta soma kuwa ba ta ciki, sai in kana sauya kamfani ne ka nemi a ɗauki lokacin tsohuwar yarjejeniya a rubuce.

Sai kason da kai za ka ɗauka a kowace asara. A ce an rubuta kashi 10 cikin ɗari, mafi ƙaranci 250,000. Kashiya ta ci miliyan 5, tana bin kamfani albashi da haƙƙoƙi na 300,000. Ana cire wannan tukuna, domin ana ɗauka za ka riƙe shi, saura miliyan 4.7. A cire kashi 10, wato 470,000, abin da zai shigo hannunka miliyan 4.23. Asarar 180,000 kuwa ba za ta kawo komai ba, ta faɗa ƙasa da mafi ƙarancin.

Ka karanta abin da ake buƙata a matsayin hujja. Kusan duk suna son a sanar da su cikin 'yan kwanaki da ganowa, kuma a kai rahoto ga 'yan sanda. Amma idan takarda ta ce sai kotu ta yanke wa ma'aikacin hukunci kafin a biya, ka nemi a cire, domin shari'a na iya shekaru, wanda ake tuhuma ma yana iya ɓacewa. Ka sani kuma cewa giɓin da aka gani a ƙirgar kaya kawai, katan 60 sun ɓace ba a san yadda aka yi ba, yawanci ba a biyansa sai an haɗa shi da wani aikin rashin gaskiya da aka tabbatar. Ribar da ka rasa da kuɗin ruwan banki ma ba su ciki. Kuɗin akantan da zai tono girman asarar, ana iya ƙara shi a matsayin faɗaɗawa, kuma ya cancanci a nema, don tono wata huɗu na rasit ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga ƙarshe ka duba ko an mayar da wani mataki da ka bayyana ya zama sharaɗin dole. Idan takardar farashi ta ce dole a kai kuɗi banki a ranar da aka karɓa, alhali motocinka suna dawowa bayan la'asar, ka mayar a gyara zuwa ranar aiki ta gaba kafin ka amince. A Najeriya kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin inshora, don haka takardar farashi a cikin aljihun tebur ba ta rufe kowa. Bayan an biya, idan ka buɗe sabon depo, ko ka daina kiran masu bashi saboda wanda ke yi ya bar aiki, ko motoci suka ƙaru daga 12 zuwa 18, ka rubuta wa kamfanin inshora a makon, ka karɓi amsarsu a rubuce ka sa a fayil ɗaya da fom ɗin farko.